Babi na Shida: Lesin Ɗin Ɗan Aboki a Bakin Jarrabawa

A ƙasar Gumel, daga watan Maris zuwa Yuli, duk wanda aka san ya iya lissafi ko Turanci ba ya rasa mai sallama a ƙofar gidansa. Lokacin ne jarrabawoyi ke bin sahun juna. A 'yan shekarun nan JAMB takan faɗo a watan Afrilu, WAEC ta ci Mayu da Yuni, NECO kuma ta ɗauka daga Yuni zuwa Yuli. Uban da ɗansa ke aji uku na babbar sakandare, ko a cikin garin Gumel yake, ko a Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ya san abin da ake nema: kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba, sannan maki mai kauri a JAMB. Tsoron nasa kuwa yana da dalili. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar a watan Mayun 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Wanda ya fi kusa da hannun irin wannan uba shi ne ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel. Ɗan unguwa ne, ana sallah sahu ɗaya da shi, an san iyayensa, kuma aikin koyarwa ɗin ma shi yake koya. Wa za a nema in ba shi ba? Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shi ma ɗalibin yana da tasa jarrabawar, kuma sau da yawa tana faɗowa cikin waɗannan watanni.

Mu ɗauki misalin mutum guda mu bi shi daki-daki. Magidanci ne da ya koma makaranta bayan ya girma, yana shekarar ƙarshe ta NCE a fannin lissafi, yana zaune a Maigatari yana zuwa Gumel ɗaukar lakca, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai. Saura mako 6 a fara jarrabawar ƙarshen zango. Yana da aboki dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, ya sha rage masa hanya, ya taɓa ranta masa kuɗin rajista bai sa masa rana ba. Wata rana bayan sallar isha'i sai abokin ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, lissafi ya sha masa kai. Don Allah ka riƙa duba shi da yamma, ko sau uku ne a mako, kafin jarrabawarsu." Bai ambaci kuɗi ba, kuma ba rowa ce ta hana shi ba. A wurinsa ambaton kuɗi tsakaninsu cin fuska ne. Da ya ce "ɗanka" ma ya gama magana, don mutum ba ya karɓar lada a kan koyar da ɗansa.

Amsar da take fara zuwa bakin kowane Bahaushe a nan ita ce, "To, ba komai, Allah Ya kai mu." Ni kuwa ina ganin a wannan hali ita ce amsa mafi cutarwa, kuma wanda ta fi cuta shi ne yaron.

Lissafin da ba a yi kafin a amsa

Mai roƙo yana ganin awa ɗaya da rabi ya nema, sau uku a mako, wato awa 4 da rabi. Wanda ya taɓa koyarwa ya san abin ya wuce haka. Kafin ka zauna da yaron da zai shiga WAEC sai ka duba babin da za ku yi, ka zaɓo tambayoyin shekarun baya, ka warware su da kanka don kada ka kafe a gabansa. Wannan ba ya kasa minti 45. Bayan darasi akwai duba aikin da ka ba shi, minti 30 ko kusa da haka, domin lesin ɗin da ba a duba aikin gida hira ce kawai. Ga jiran yaro ya dawo daga aike, ga gaisawa da mutan gida, ga ruwa ko fura da za a kawo wadda ba ka isa ka ƙi ba. In aka haɗa, kowane zama yana cin awa 3. Sau uku a mako, awa 9 ke nan.

Yanzu a juyo wajen malamin. Yininsa na lakca ne da hanya. Tsakar rana a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin arewacin Jigawa ke haura digiri 40, ba lokacin da kai ke ɗaukar karatu ba ne, kuma duk wanda ya ce yana karatu a ɗakin kwano da ƙarfe biyu na rana, kallon takarda kawai yake yi. Lokacin da yake da shi na gaske shi ne bayan asuba kafin ya kama hanya, da bayan isha'i har inda fitila ko cajin waya ya kai shi. A ce awa 3 a rana, kwana 6 a mako, tunda rana guda dole ta tafi a hidimar gida, suna, jana'iza da cefane. Awa 18 ke nan a mako, awa 108 a mako 6. In yana da kwas 8, kowane kwas ya tashi da awa 13 da rabi. A cikinsu zai karanta abin da aka yi zango guda ana koyarwa, ya warware tsofaffin tambayoyi, ya sake bita.

Lesin ɗin zai ɗauke awa 54 daga cikin 108 ɗin nan. Rabi cif. In aka auna da kwasa-kwasai, lokacin kwas 4 ne gaba ɗaya. Wani zai ce ai da yamma za a yi lesin ɗin, ba da dare ba. Haka ne, amma mutumin da ya dawo daga Gumel da la'asar ya tsaya yana bayani har magariba, bayan isha'i barci zai yi a kan littafi. Awar da aka ɗauka da yamma, daga karatun dare ake biyanta.

Me rabin lokacin ke jawowa a takardar sakamako? A tsarin kwalejojin ilimi, maki 40 na tes ne da ayyukan cikin zango, 60 na jarrabawa. Wanda ya tara 22 a tes yana bukatar 18 kacal cikin 60 ya tsallake da ƙyar, amma sai ya ci 38 kafin ya kai maki 60, inda darajar B take farawa. Tazarar da ke tsakanin 18 da 38, karatun makonnin ƙarshe ne ke cike ta. A ce kwasa-kwasansa 8 sun haɗa yunit 18, biyu masu yunit 3, shida masu yunit 2. In ya ci B a duka, matsakaicin makinsa na zangon 4.00 ne. In manyan kwas biyun nan suka zame daga B zuwa D, ya sauko 3.33. Wannan ragi yana iya taɓa darajar takardar da zai fita da ita, wadda da ita ce zai nemi shiga jami'a kai tsaye a Dutse, ko Kafin Hausa, ko Bayero ta Kano.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar asara ita ce faɗuwa. Ɗan shekarar farko in ya faɗi kwas, ya ɗauke shi zuwa baɗi ya haɗa da sauran. Ɗan shekarar ƙarshe ba shi da baɗin da zai jingina da ita. Yawanci kwas na zango na biyu sai zango na biyu ya zagayo ake sake yin sa, don haka kwas guda mai yunit 2 yana iya zaunar da magidanci shekara guda cur: sabuwar rajista, sabon kuɗin mota, abokan karatu sun karɓi sakamako suna neman aiki shi yana jira. Abokinsa dillali, da za a shimfiɗa masa lissafin nan, shi zai fara cewa a bari. Mutum ne da ya san ba a sayar da sa a ranar da ba a san nawa ya ci ba.

Akwai wata magana da ake yawan kawowa a nan, cewa koyarwa ma bita ce, wanda ya koyar ya ƙara ganewa. Gaskiya ce, amma da sharaɗi: sai in abin da kake koyarwa shi ne za a tambaye ka. Ɗalibin da shi ma JAMB zai zauna, in ya koya wa ƙaninsa lissafin sakandare, ya amfana. Ɗan shekarar ƙarshe ta NCE kuwa zuzzurfan kalkulas da aljabarar manyan makarantu ke gabansa, ga kwasa-kwasan sashen ilimi, ga kundin bincike da malami ke jira. Koya wa yaro yadda ake haɗa rabi da sulusi ba zai ƙara masa maki ko ɗaya a waɗannan ba.

Yadda "to" ɗin kunya ke ƙarewa

Kowa ya san yadda abin ke tafiya, don kusan salo ɗaya yake bi. Makon farko ana zama uku cif, malam da zafinsa, yaro da sabon littafi. Mako na biyu aka sa tes a kwaleji, zama ɗaya ya faɗi. Mako na uku yaro ya zo ya yi sallama, a ce masa Malam bai dawo ba, alhali yana ɗaki ya yi shiru da takardunsa. Mako na huɗu malam ya fara canza hanya don kada ya bi ta majalisar abokinsa. Ba wanda ya ce an fasa, ba wanda ya ce ana yi. Uba yana zaune da tabbacin ɗansa na hannun malami, saboda haka bai nemi wani ba. Ranar da gaskiya ta fito, saura kwana goma jarrabawa, kuma masu lesin ɗin kirki duk sun cika.

A nan ne nake cewa yaron ya fi kowa asara. Da an ce a'a tun ranar farko, da yana da mako 6 a hannun wani. An ce to, ya tashi da zama biyar ko shida marasa tsari, an fara masa babi uku ba a gama ko ɗaya ba. Abota kuma ta ci rauni irin wanda ba a magana a kansa. Dillalin ba zai taɓa cewa "ka yaudare ni" ba. Zai dai rage fara'a, ya daina tsayawa da motarsa, kuma matarsa za ta faɗa wa matar malam abin da shi bai faɗa ba.

Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, ya jera halayen da Hausawa ke auna mutum da su, cikinsu akwai gaskiya, amana, karamci da kunya. A yawancin rayuwa halayen nan tafiya ɗaya suke yi. A ƙofar gidan malaminmu a daren nan sun rabu: karamci da kunya suna cewa ka amsa, gaskiya da amana suna cewa kada ka ɗauki abin da ba za ka sauke ba. Wasu za su tuna masa gargaɗin addini a kan ɓoye ilimi. Amma wanda ya ce ba shi da lokaci yanzu, ya nuna inda za a samu, ya sa ranar da zai iya, bai ɓoye komai ba. Saɓa alkawari kuwa malamai cikin alamomin munafunci suke lissafa shi, kuma can ne "to" ɗin kunya take kai mutum ba tare da ya yi niyya ba.

Abin lura ne ma cewa ko a gargajiyarmu ba a taɓa ɗaukar lokacin malami a matsayin abin banza ba. Makarantar allo tana da kuɗin Laraba, almajirai suna taya malam noma, ranar sauka ana yi masa alheri. Ba a kira shi albashi ba, amma an san mutum ya bar wani abu ya zauna da yaran. Ɗalibin kwaleji da aka roƙa lesin kyauta shi ne ya faɗa tsakani: ba a ba shi matsayin malamin da ake yi wa hidima ba, ba a kuma ba shi damar ɗan kasuwar da zai faɗi farashi ba.

Yadda ake faɗa

Abu na farko shi ne sauri. In ba zai iya amsawa a take ba, ya ce, "Yaya, bari in duba jadawalin jarrabawarmu, gobe bayan magariba zan zo gida." Kuma ya je goben. Kowace rana da ya ƙara, daga lokacin yaron yake cinta.

Ya je da ƙafarsa. Saƙon waya a irin wannan magana raini ne, aika mace ta faɗa wa mace kuma yana mai da ƙaramin abu babba. Kada kuma ya faɗa a majalisa. Mutumin da aka ƙi wa bukata a gaban jama'a dole ya kare girmansa, ko da wasa mai cizo ne, daga nan sai magana ta lalace. A zaure, su biyu, bayan an gaisa an tambayi iyali, ya fito da jadawalin ya ajiye a gabansa. Ranar Alhamis ba ranar wannan magana ba ce, don ranar kasuwar Maigatari dillali ba ya jin kiran kowa.

Maganar kanta gajera ce. "Yaya, na duba. Jarrabawarmu saura mako shida, kuma ita ce ta ƙarshe, in na faɗi ko kwas ɗaya sai na ƙara shekara. In na ce maka zan riƙe yaron nan sau uku a mako, ƙarya zan yi maka, zan fara in bari a tsakiya, in cuce shi. Ba zan iya ba sai na gama. Amma ga abin da zan iya."

A lura da abin da babu a cikinta. Babu "sai na gani", babu "za mu san yadda za a yi", domin a kunnen mai bukata waɗannan amincewa ce. Babu kushe yaro. Ko da malam ya san yaron ba ya son karatu, ranar ƙin bukata ba ranar faɗar haka ba ce, don uba zai ji kamar an ƙi shi kuma an zage shi. Babu kuma zancen kuɗi, kuma wannan shi ne wurin da mutane suka fi zamewa. In dalilinka lokaci ne, ka tsaya a kan lokaci. Da zarar ka ce "ga shi abubuwa sun yi tsada", ka sauya maganar gaba ɗaya, abokin zai fahimci ciniki kake nema. Zai iya cewa zai biya, kai kuma ka rasa abin faɗa, tunda kuɗinsa ba zai ƙara maka awa ko ɗaya a dare ba. Mafi muni shi ne ka ce ba ka da lokaci, bayan mako guda a gan ka kana lesin a gidan wani mai kuɗi. A gari kamar Maigatari ko Gagarawa wannan labari ba ya kwana. In kana da lesin na kuɗi da ka riga ka fara, wanda da shi kake biyan kuɗin mota, ka faɗa da bakinka a zaman nan kafin wani ya faɗa maka: "Ka san ina da yara biyu da na ɗauka tun farkon shekara, su ma na rage musu zuwa sau ɗaya."

Zama guda da ya fi lesin ɗin rabi da rabi

"Ga abin da zan iya" ɗin nan dole ya zama abu mai iyaka, mai farko da ƙarshe. Mafi amfani da na sani shi ne zama ɗaya na awa 2 don gano inda ciwon yaron yake. Yawancin iyaye abin da suka sani kawai shi ne "ba ya gane lissafi", wannan kuwa bai gaya wa kowa komai ba.

Malam ya zaɓo tambayoyi 20 daga na shekarun baya, masu sauƙi da masu wuya a gauraye, ya ba yaron minti 30, ya ce ya rubuta duk matakan da ya bi, kada ya goge komai. Makin da ya ci ba shi ne abin dubawa ba. Irin kuskuren ake dubawa, kuma yawanci kashi uku ne.

Akwai yaron da tushensa ne ya rube. Ka ba shi 1/2 + 1/3 ya rubuta 2/5, wato ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, maimakon 5/6. Ka ba shi -3 - 5 ya ce 2 ko -2, maimakon -8. Wannan yaro duk babin da aka koya masa zai rushe a layi na biyu, domin ko ya gane sabon darasin, lissafin firamare da na ƙaramar sakandare zai kayar da shi. Gyaransa aikin watanni ne, kullum, kaɗan-kaɗan. Gaskiyar da za a gaya wa uba ita ce mako 6 ba za su yi abin al'ajabi ba ko wa ya koyar, gara a sa ido a kan NECO da ke tafe a baya, ko jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara.

Akwai wanda lissafin yana nan, Turancin tambayar ne ke ɗaure shi. Alamar a bayyane take: ka fassara masa tambayar da Hausa, sai ka ga ya warware ta nan take. Irin wannan suna da yawa a makarantun ƙauyukanmu, inda ake bayani da Hausa a aji amma jarrabawa ta zo da Turanci. Shi abin da yake bukata shi ne ya riƙa karanta tambayoyin baya da yawa, yana tara kalmomin da ke maimaituwa a littafi guda da ma'anarsu. Yayarsa da ta gama sakandare ma za ta iya riƙe masa wannan.

Na uku ya iya, amma a hankali. Ya amsa 9 cikin 20, 8 daidai, lokaci ya ƙare. A WAEC yana da ɗan sarari, tunda takardar zaɓi tambaya 50 ce a awa ɗaya da rabi. A JAMB kuwa tambaya 180 ce a awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya yi asarar mintuna kafin ya fara. Maganinsa agogo ne da maimaici: tambaya 40 kullum, a sa masa lokaci, a riƙa rage shi, sannan a kai shi shagon kwamfuta a Gumel ya yi gwaji ko sau biyu ne. Wannan ba ya bukatar malamin lissafi ko kaɗan. Uban da kansa, da wayarsa a hannu, zai iya.

Bayan zaman, malam ya rubuta abin da ya gani a takarda guda: ga matsalar, ga babi biyar da za a fara da su, ga abin da za a yi kullum. Ya miƙa wa uban hannu da hannu a gaban yaron. Duk wanda ya karɓi yaron daga baya, takardar nan ta rage masa mako guda na lalube.

In zai haɗa su da wani, ɗan ajin ƙasa a kwaleji wanda jarrabawarsa ba ta matso ba, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo sakandaren garin, to ya fara tambayar mutumin kafin ya ambaci sunansa, kuma ya gaya wa abokinsa a fili cewa wannan biya ake yi, ga abin da yake karɓa. In bai yi haka ba, ya ɗauke nauyin da ya gagare shi ne ya ɗora wa wanda ya fi shi rauni, wanda shi ma kunya za ta hana shi magana.

Inda lissafin ke sauyawa

Ba kowane roƙo ake ƙi ba. In abin da aka nema kwana biyu ne kafin takardar lissafi, a bi wa yaro tambayoyin gini da na jadawali, awa 4 ba za su kayar da kowa ba, a yi kawai. Haka nan akwai wanda nauyinsa a kanka ya wuce na abota, kamar mutumin da ke biya maka kuɗin makarantar dungurungum. Shi ba a ce masa a'a kai tsaye, sai dai a rage: zama ɗaya a mako, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, awa ɗaya, yaron ne zai zo ba kai za ka je ba, kuma a dakata gaba ɗaya mako biyu kafin jarrabawarka. Zuwan yaro wurinka ba ƙaramin bambanci ba ne, don yana yanke hanya da gaishe-gaishe, kuma yana nuna ko shi kansa yana so. Yaron da aka tilasta wa lesin, a mako na biyu ake gane shi.

Ga ɗaliba mace abin ya fi tsauri. Ita ƙawarta ba roƙo take zuwa yi a zaure ba, turo yaran take yi da littattafansu bayan la'asar, sai dai ta gan su a tsakar gida. Awa 3 ɗin da muka lissafa wa namiji ita ba ta da su cikakku, tunda girki da raino sun riga sun ci rabonsu. Korar yara kuwa ba ta yiwuwa. Abin da ya rage mata shi ne ta karɓe su ranar farko, ta sallame su da fara'a, washegari ta sa mayafi ta je gidan ƙawar da kanta ta faɗi magana irin wadda muka kawo a sama, da ranar da za ta gama. In ta bari aka yi kwana uku ana turo su, ya zama al'ada, kuma tsayar da al'ada ya fi ƙin roƙo wuya.

Ranar da aka sa kuwa bashi ce. Malaminmu in ya ce sai ya gama, to a makon da ya ajiye alƙalami shi zai aika a kira yaron, kada ya jira a tuna masa. In jarrabawarsa ta ƙare a farkon Yuni, akwai sauran makonni kafin takardar lissafi ta NECO, kuma a lokacin yana da yini sukutum, sai dai abin da gona za ta ɗauka in ruwa ya sauka da wuri. Zama huɗu a mako a wannan lokaci, da takardar binciken nan a hannu, yana iya ɗaga yaro na biyu da na uku daga D7 zuwa C6, wanda shi ne iyakar da ke raba mai kiredit da marar shi. Yaro na farko kuwa sai a fara masa daga kason lamba da alamar ragi, a yi masa rajistar ƙarshen shekara.